Bana Son Ka

"Na karanta takardarki. Na gode da kika faɗa min gaskiya tun abin bai yi nisa ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Sau uku na karanta saƙon ina tsaye a bayan kantar shago, tabarau ɗin wata tsohuwa a hannuna.

Kwana goma sha tara ina jiran wayar nan ta yi motsi. Kwana goma sha tara! Yau ta motsa, kuma abin da ta kawo min ke nan.

"'Yata, lafiya?" in ji tsohuwar. "Kin riƙe min tabarau kamar za ki karya."

"Lafiya lau, Mama..."

Ƙarya nake. Na ɗaure mata ƙusar da ta kwance, na goge gilashin, na miƙa mata, ban ma san na yi ba. Tana fita na danna lambarsa. Ba ta shiga. Na rubuta, "Wace gaskiya? Don Allah me na yi?" Saƙon ya tsaya cak bai tafi ba, hotonsa ma da ke saman shafin ya ɓace.

Ya toshe ni.

Likita, mai shagon da nake wa aiki, ya leƙo daga ɗakin gwajin ido ya dube ni ta saman tabarau ɗinsa.

"Ke da kike gyara wa mutane ido, ga naki nan yana zuba. Je ki gida."

*

Wata biyu kacal da saninmu, ni da Injiniya. Ya shigo shagon ne da tabarau a karye, ya naɗe ƙafarsa da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Na ce masa, "Malam, wannan tabarau ne ko tsohuwar rediyo?" Ya yi dariya har da riƙe kanta. Bayan kwana uku ya dawo wai yana matse masa hanci. Bayan kwana biyu wai ya yi sako-sako. A zuwa na huɗu na ce masa tabarau ɗin nan lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ba shi da lafiya.

"Ashe kin gano ciwon, 'Yar Tabarau," in ji shi.

Sunan da ya bi ni ke nan.

Aikinsa kula da injin jirgin ruwa ne, irin manyan nan masu dakon kaya. In ya tafi sai wata tara. A tsakiyar teku waya ba ta aiki sai ɗan intanet na jirgin da ake raba musu kaɗan-kaɗan, shi ma in ya ga dama. Tun farko bai ɓoye min ba. Na ce ba komai, don a lokacin tafiyar tana da nisa, kuma bakin da ke soyayya ba abin da ba zai ce ba komai a kansa ba.

Sai ga tafiyar ta zo, saura kwana uku.

Ina so in ba shi abin da zai riƙe. Turare zai ƙare, agogo yana da shi. Sai na ce bari in rubuta masa 'yan layuka, ni da rabona da waƙa tun ta makaranta.

Wayyo, ashe aiki ne!

Rubuta wa wanda kuka shekara biyar tare ba wuya, duk abin da ya zo bakinka sai ka zuba. Amma mutumin wata biyu? In ka yi yawa ka zubar da ajinka, in ka yi kaɗan ya ce ba ka damu ba. Na rubuta "masoyina", na goge, don ko a baki ban taɓa kiransa haka ba. Na rubuta "zan mutu in babu kai", na ji kunyar kaina ni kaɗai a shago. Na kawo wata da taurari, na ga ba ruwansu da mu, na kore su. Takardun gwajin ido guda bakwai na ɓata ina rubutu a bayansu.

Daga ƙarshe na zaɓi kowane layi ya ƙare da "ka", don duk maganar a kansa take. Ina rerawa a hankali ina ƙirga gaɓoɓin da yatsu, in layi ya yi tsawo in datse, in ya yi tuntuɓe a harshe in sake masa kalma. Na kuma yi wa kaina alkawari ba zan saka kuka a ciki ba. Mai tafiya ba ya bukatar a ɗora masa nauyi, so nake ya tafi da ƙarfin zuciya.

Ga abin da ya fito:

Bara kaɗaici, kafin in san ka,
Bana son ka, tun ranar ganin ka.
Je ka, bana tare hanyarka,
Kada ka waiwayo, ka bi rabonka,
Allah ya raka ka, ya tsare ka.

Na kai wa Yaya, babbar yayata, ina jin kaina kamar na gina bene. Ta karanta tana taɓe baki, ta sa farce a kan layin farko.

"Cire wannan."

"Don me, Yaya?"

"Kaɗaici? Ki gaya wa namiji kafin ya zo ba ki da kowa? Wata biyu fa! Gobe ya ɗauka shi ya tsamo ki daga rijiya. Mace ba ta nuna wannan, ƙanwata. Huɗun nan sun isa."

Na ji maganarta, don ita ta riga ni sanin maza. Na kwafe layi huɗun a farin kati da rubutuna mafi kyau, na sa a gidan sabon tabarau ɗin da na haɗa masa, ƙarƙashin ƙyallen gogewa.

Ranar tafiyar ya biyo ta shago. Yayarsa, wadda kowa ke kira Malama, tana cikin mota tana jiransa, ko gilashi ba ta sauke ba. Na san ba ta yi na'am da ni ba. Sau ɗaya muka gaisa, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu," kamar kalmar tana mata ciwo a baki.

Na miƙa masa gidan tabarau ɗin.

"Akwai saƙo a ciki. Kar ka buɗe sai ka yi nisa."

"Zan iya haƙuri kuwa?"

"Ka daure."

"Ki kula min da kanki, 'Yar Tabarau..."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

*

Kwana biyu bayan saƙonsa ban iya cin abin kirki ba. Na juya maganar ta kowace fuska. Ko wani ya kai masa gulmata? Ko ya samu wata a can? Na ɗauko kwafin katin da na ajiye na karanta ya fi sau ashirin, ban ga komai ba sai so. Ni na rubuta, don haka duk lokacin da idona ya hau layin, muryata nake ji a ciki.

Ran na uku da safe Mama ta shigo ɗakina tana neman almakashi, ta ga takardar a kan gado. Mama ba ta iya karatu a zuci ba, komai sai ta furta, ko da takardar magani ce. Ta nisanta takardar da idonta ta fara.

"Ba na son ka... tun ranar ganin ka."

Na ɗago a firgice.

"Me kika ce, Mama?"

"Abin da kika rubuta. Ba na son ka tun ranar ganin ka. Je ka, ba na tare hanyarka. Kada ka waiwayo..." Ta sauke takardar. "Ikon Allah! Wane bawan Allah kika yi wa wannan wankin? Ba dai yaron nan mai jirgi ba?"

"Ba haka ba ne! Bana ce, Mama, bana! Ta shekara! Bara kaɗaici, bana son ka!"

"To ina barar?"



Barar tana cikin kwandon shara tun sati uku da suka wuce. Ita ce ke riƙe da hannun bana, da na cire ta sai bana ta tsaya ita kaɗai. A baki ba mai haɗa su, ɗaya a tsinke take, ɗaya sai an ja ta. Amma a takarda? Dukkanmu haka muke rubutu a waya, mu manne "ba" da "na" wuri ɗaya ba mai tambaya. Kuma ni da hannuna, a layin da ke biye, na rubuta "bana tare hanyarka" da wancan nufin, harafi huɗu iri ɗaya sak. Wa zai ce masa ta sama daban, ta ƙasa daban?

Na sake karantawa da idonsa. Ba na son ka. Je ka. Kada ka waiwayo. Ka bi rabonka.

Innalillahi! Wannan ai takardar sallama ce, har da addu'ar rakiya!

Na kifa kaina a cinyar Mama na fashe da kuka.

Yaya ta shigo da gudu. Da ta ji abin da ya faru sai ta dafe ƙirji, amma bakinta bai mutu ba.

"To shi ma ba ya tambaya? Daga karanta layi huɗu sai toshewa? Ni dai ban ce ki..."

"Ke, rufe min baki," in ji Mama. "Kin ba da shawara ta yi ɓarna, ki ce ki yi haƙuri kawai." Ta shafa kaina. "Tashi ki wanke fuska. Kuka ba ya kai saƙo teku. Wa yake da hanyar samunsa?"

Mutum ɗaya ce, kuma ita ce wadda na fi tsoro.

*

Na samu Malama a makarantar da take koyarwa, lokacin tara, ita kaɗai a ɗakin malamai da tulin littattafan ɗalibai a gabanta da jan biro a hannu. Harshenmu take koyarwa, ƙa'idojin rubutu da su waƙa.

"Ina kwana, Anti."

"Lafiya." Ba ta ce in zauna ba.

Na ajiye takardu biyu a gabanta, ta farko mai layi biyar da na sake rubutawa, da kwafin katin. Na yi mata bayani tun daga farko. Ba ta ko kalli takardun ba, ni take kallo.

"Na sani," in ji ta.

"Anti?"

"Na ce na sani. Bai iya haƙuri ba, tun a mota ya buɗe, kafin mu kai filin jirgi. Na ga fuskarsa ta canza, ya miƙo min. Shekara goma sha huɗu ina jan layi a ƙarƙashin wannan kuskuren, kina tsammani ban gane ba? Mai korar mutum ba ta zama ta daidaita masa amsa-amo."

Na dafa tebur.

"Kin gane... kuma ba ki gaya masa ba?"

"Ya tambaye ni, 'Yaya, abin da nake gani shi ne?' Na ce masa, 'Ai ga shi nan a rubuce.' Ban yi ƙarya ba."

"Amma kin san ba gaskiya ba ne!"

Ta ajiye biron da ƙarfi.

"Ke me kika sani? Wata biyu! Kin san an taɓa yi masa haka? Shekara uku yana tare da wata, komai ya kankama. Yana tsakiyar ruwa ta turo masa layi biyu a waya, wai ta gaji da jira. Ni na je na taro shi da ya sauka, wandonsa har zamewa yake don rama. Ni na yi jinyarsa, ba ke ba! Sai ga ki, 'yar shago mai fara'a ga kowa, wata biyu kin juya masa kai. Na ce gara ya ji zafin yanzu yana ƙarami, da ya ji shi a wata na bakwai."

Sai a lokacin na gane me ya sa bai tambaye ni ba. Mutumin da aka taɓa sallama da rubutu, in ya ga rubutu sallama yake nema a ciki.

Hawaye suka zubo min, ban share ba.

"Anti, ban san zan iya wata tara ba ko ba zan iya ba. Ban taɓa gwadawa ba, ba zan yi miki rantsuwar ƙarya ba. Amma in zan kasa, ki bari in kasa da kaina. Yanzu yana can cikin ƙarar inji yana tunanin tun ranar da na gan shi nake masa dariyar ƙarya. Wannan zafin ba ƙarami ba ne. Kuma ba ni kaɗai na sa masa shi ba."

Ta kawar da kai wajen taga. Ɗalibai suna ta ihu a fili.

"Ba ya cin abinci," ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba. "Shekaranjiya ya turo hoto. Na ga wuyansa."

Ta jawo wayarta ta buɗe shafinsa, ta tura min ita a kan tebur.

"Kar ki rubuta. Rubutunki ya isa haka. Danna nan ki karanta masa da bakinki, duka biyar ɗin."

Na danna. Layin farko ya fita lafiya. A na biyu muryata ta karye, na tsaya.

"Sake," in ji Malama, muryar aji ta dawo mata. "Ki ɗan tsaya bayan bana, ki ba ta numfashi. Waƙafin da kika hana ta a takarda, ki ba ta shi a baki."

Sau uku ina yi kafin ta gyaɗa kai. Sannan ta karɓi wayar ta ƙara nata a ƙasa, gajere: "Ƙanena, na gane tun a mota na yi shiru. Laifina ne. Ka saurare ta."

Saƙon ya tafi, amma bai nuna ya isa ba.

"Sai sun samu intanet, kuma murya tana da nauyi, ba ta saurin sauka," in ji ta. "Zai iya kai sati. Ga jiran da kike cewa ba ki taɓa gwadawa ba, bismilla."

*

Kwana goma sha ɗaya ya ɗauka.

Na rame har Likita ya ce in na ƙara kwana biyu a haka zai fara ganina ta cikin gilashi. Yaya kullum sai ta kawo min wani abu a leda ta ajiye ba magana, haƙurinta ke nan. Malama kuwa sau biyu tana kirana, ba gaisuwar kirki, sai dai, "Bai buɗe ba tukuna," ta kashe.

A ranar, da rana tsaka, ina gwada wa wani dattijo firam ɗin tabarau, wayata ta yi ƙara. Wata doguwar lamba ce da ban taɓa gani ba.

"Salamu alaikum?"

Shiru, sai wani shuuu kamar iska. Sannan muryar ta iso daga nesa.

"'Yar Tabarau..."

Firam ɗin ya faɗi daga hannuna.

"Na ji," in ji shi. "Sau goma sha biyu na saurara. Wayar jirgi na roƙa, minti uku aka ba ni. Ki yafe min... da na tambaye ki. Wallahi da na tambaye ki."

"Ni ce na cire layin, ni ce na..."

Muryoyinmu suka yi karo, don maganar tana jinkiri kafin ta isa. Muka yi shiru tare, muka sake farawa tare. Na ji yana dariya, irin dariyar da ke kusa da kuka.

"Tsaya, bari in faɗa miki mai nauyin tukuna," ya ce. "Satin da na turo miki saƙon nan, an nemi wanda zai ƙara wata shida. Na ga ba abin da zan dawo in tarar. Na sa hannu."

Na lalubi kujera na zauna.

"Ba a janyewa?"

"Na tambaya jiya. Sun riga sun sallami wanda zai canje ni."

Wata tara ya zama sha biyar. Saboda layi ɗaya da na goge, da tambaya ɗaya da bai yi ba, da shirun mutum ɗaya. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji kamar in yi ihu a tsakiyar shagon.

"Ba zan ce ki jira ni ba," in ji shi. "Ba ni da bakin faɗar haka. In kin ga ba za ki iya ba, ki gaya min yanzu da muryarki, zan ɗauka. Saura minti ɗaya."

Dattijon yana kallona. Likita ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. Duk ajin da Yaya ta koya min, duk kunyar da ta sa na ɓata takardu bakwai ina kewaye-kewaye, na tattara na ajiye gefe.

"Ina fushi da kai," na ce. "Zan daɗe ina yi. Amma ina nan. Kuma ina son ka."

Shuuu...

Daƙiƙa ɗaya. Biyu.

"Layin ba kyau," in ji shi. "Ban ji na ƙarshen ba. Sake faɗa."

Ya ji. Na rantse ya ji, don ina jin murmushin a bakinsa tun daga can.

Na share hawayena da bayan hannu, na juya wa Likita da dattijon baya, na sake faɗa masa da ƙarfi.